Tsakanin Riba da Faɗuwa: Lissafin Sayen Waya Mai Matsala, a Gyara a Sayar

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da yamma ya san yadda wurin yake cika ya batse. Ga masu shaguna, ga masu tebur, ga samarin da jarinsu gaba ɗaya yana cikin aljihu, wayoyi biyu ko uku ne a hannu suna kai da komo. Haka abin yake a titin Beirut, haka a Banex ta Abuja, haka a Computer Village ta Ikeja. A cikin wannan hada-hada akwai wata sana'a da ke jan hankalin masu ƙaramin jari: a sayi waya sakan mai fasasshen gilashi ko mataccen batir a farashi mai sauƙi, a kai wa mai gyara, a sayar a ci riba.

A baki abin da sauƙi yake. Amma da yawa daga masu shiga harkar sai sun yi ciniki uku ko huɗu kafin su lura uwar kuɗi tana raguwa, alhali a ganinsu kowane ciniki da riba suka fita. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin lissafi, kuma kuskuren kusan iri ɗaya ne kullum: mutum yana auna wayar da zai gyara da farashin wayar da ba a taɓa kwancewa ba.

Misali zai fi fito da abin fili. Farashin da za a ambata a nan na kwatance ne, domin kuɗin waya yana hawa da sauka kamar farashin hatsi, amma tsarin lissafin bai canzawa. A ce wani matashi ya ga iPhone 11, ƙirar da ta fito a 2019, gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa amma tana kunnuwa. Ya san lafiyayyar irinta, wadda ba a taɓa ba, ana sayar da ita naira 260,000. Aka yi ta tayi ana albarka har mai ita ya sallama a 165,000. Mai gyara ya ce sabon sikirin 30,000, kuɗin aiki 5,000. Nan take matashin ya buga lissafi a ka: an kashe 200,000, za a sayar 260,000, ribar 60,000 ke nan. Ya biya yana murna.

Sai aka sa sikirin, waya ta fito tas. A nan ne ya shiga wurin da ake rubuta Battery Health ya ga lafiyar batirin ta sauka zuwa kashi 76 cikin ɗari. Kamfanin Apple da kansa yana ɗaukar batirin da ya yi ƙasa da kashi 80 a matsayin wanda ya gaji, kuma masu saye sun san haka, wurin da suke fara dubawa ke nan. Dole a canza batir, ga 18,000 ta tafi. Dillalin da zai kawo mai saye yana da la'adarsa, a ce 5,000. Kuɗin adaidaita sahu na zirga-zirga da gilashin kariya da za a manna su ci 2,000. Jimillar abin da ya fita daga aljihu ta zama 225,000.

Sauran aikin yana wurin sayarwa. Daga iPhone 11 zuwa sama, idan aka sa sikirin da ba na kamfani ba, wayar da kanta take tona asiri, takan nuna saƙon Unknown Part a cikin bayananta. Haka take yi wa batir ma. Sau da yawa True Tone, wato tsarin da ke daidaita launin haske da hasken wurin da mutum yake, yakan ɓace idan mai gyara bai kwafo bayanan tsohon sikirin zuwa sabon ba. Mai saye yana ganin waɗannan alamu zai ce, “Ai an taɓa ta, Alhaji,” kuma daga nan ba maganar 260,000. Bayan ja-in-ja aka tsaya a 235,000. Ribar da aka yi mafarkin 60,000 ta koma 10,000, bayan kwana goma na wahala.

Wannan ma idan Allah ya taimaka ke nan. A wannan ƙirar, wata siririyar waya da ke ɗauke da sifikar kunne da wani ɓangare na na'urar gane fuska tana manne ne a bayan sikirin, kuma dole a ɗauke ta daga tsohon a mayar kan sabon. Kamfani ya haɗa ta da injin wannan wayar kaɗai. Idan hannun mai gyara ya kuskure ta yage, Face ID ya mutu, kuma sayo wata a kasuwa a sa ba ya dawo da shi sai da aikin ƙwararre mai tsada. Wayar da ba ta gane fuska farashinta yakan faɗi warwas. Idan aka taya ta 200,000, matashin nan ya yi asarar 25,000, wato ribar ciniki biyu da rabi irin na farko ta tafi a zama ɗaya.

Tsofaffin hannu a kasuwar daga baya suke fara lissafinsu. Tambayarsu ta farko ita ce nawa za a sayi wannan wayar bayan an gyara, a matsayin gyararriya. A misalinmu 235,000 ne. Sai su cire duk abin da za ta ci, sikirin da aiki da batir da la'ada da zirga-zirga, 60,000 ke nan. Sai su cire ribar da suke so, a ce 20,000. Sai su ware wani abu, kamar 10,000, saboda matsalar da ba ta bayyana ba tukuna. Abin da ya rage, 145,000, shi ne iyakar abin da za su biya. Idan mai waya ya ƙi sallamawa a haka sai a yi sallama cikin mutunci. Matashinmu da ya biya 165,000 ya riga ya zubar da mafi yawan ribarsa tun kafin a kwance noti ɗaya.

Wannan lissafi ne ke nuna irin wayar da ta cancanci gyara. A ƙananan wayoyi irin su itel da wasu daga cikin Tecno da Infinix, kuɗin sikirin da aiki kan cinye babban kaso na darajar wayar gaba ɗaya, don haka ratar da za a ci riba a ciki ƙanƙanuwa ce. A wayoyin Samsung masu sikirin AMOLED kuwa, na asali yana da tsada sosai, wani lokaci har ya kusa kuɗin wayar sakan. Idan aka gudu zuwa kwafi mai araha irin na LCD, launi yakan dushe, batir ya riƙa saurin ƙarewa, kuma a ƙirar da ake ɗora yatsa a kan sikirin don buɗewa, wannan yakan daina aiki. Abin da aka rage a gyara sai mai saye ya zabtare shi a farashi, har da ƙari.

Haka kuma matsaloli ba ɗaya suke ba. Fasasshen gilashi, gajiyayyen batir, bakin caji da ya lalace, murfin baya da ya tsage, duk waɗannan an san kuɗinsu tun kafin a fara. Matsalar inji, wanda masu gyara ke kira fanel, ita ce rijiya gaba dubu. Wayar da ba ta kunnuwa, ko take kashe kanta tana sake tashi, ko take zafi ba dalili, ko sabis ke ɗaukewa, babu mai iya yanke kuɗin gyaranta sai an buɗe. Wadda ta sha ruwa ta fi kowacce yaudara, domin tana iya aiki lafiya yau, tsatsa na cin ta a ciki, ta mutu bayan mako biyu a hannun wanda ya saya. A yawancin wayoyin iPhone da Samsung akwai wata 'yar alama fara a cikin ramin da ake sa sim, wadda ke komawa ja ko ruwan hoda idan ruwa ya shiga. Minti ɗaya da tocila ya isa a duba ta.

Akwai kuma asarar da ta wuce ta gyara, wadda ke haɗiye jari ɗungurungum. Wayar da ke ɗaure da iCloud na wani, ko asusun Google na wani, idan aka goge ta sai ta nemi kalmar sirrin mai ita na farko. Idan babu shi, ta zama ta yanka, wato a kwance a sayar da sassanta. Wayoyin da aka karɓa bashi ana biya kaɗan-kaɗan su ma kamfani kan kulle su daga nesa da zarar an daina biya. Shi ya sa ƙwararru ba sa miƙa kuɗi sai mai waya ya fita daga asusunsa a gabansu, an goge ta, an sake kunnawa har ta shiga lafiya. Sannan a danna wannan lamba a wurin kira:

```
*#06#
```

Za ta fito da IMEI, lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, sai a gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit. Idan babu kwali babu rasit, ga farashi ya yi araha fiye da kima, to a yi hattara. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Najeriya, kuma da wannan lambar jami'an tsaro ke bin sawun waya har zuwa hannun wanda ke riƙe da ita. Ranar da aka zo, waya za ta tafi, kuɗi su tafi, ga zaryar ofishin 'yan sanda. Masu lura sukan rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da lambarsa da shaida.

Lokaci ma kuɗi ne a wannan harka. Waya ba ta ƙara daraja da ajiya. Apple yakan fitar da sabuwar ƙira galibi a watan Satumba, kuma hakan kan tura tsofaffin ƙasa. Ga kuma canjin kuɗi: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024, kuma kayan gyara da ake shigowa da su daga China suka bi ta. Wanda ya sayi waya yau bisa farashin sikirin na makon jiya yana iya tarar da wani farashi gobe. Wani kuma yakan ga ya sayar sama da yadda ya saya ya ɗauka riba ce, sai ya koma sari ya ga kuɗin ba su isa sayen irin wayar da ya rabu da ita ba.

Abu na ƙarshe da ke shiga lissafi shi ne dawowar kaya. Ɓoye aibi haramun ne a ciniki, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. A kasuwa ma haka take, wanda ya gano an canza masa sikirin ba a faɗa ba zai dawo da faɗa, a biya shi ko a sake gyara, ga sunan mutum ya ɓaci a layin. Masu daɗewa a sana'ar sukan faɗi abin da aka canza tun kafin a tambaya, su ba da 'yan kwanaki na gwaji, sannan su rubuta kowane ciniki a littafi: ranar saye, kuɗin saye, kowace naira da gyara ya ci, ranar sayarwa da abin da aka karɓa. A ƙarshen wata sai a haɗa wayoyin da suka kawo riba da waɗanda suka faɗi, da wadda har yanzu ke kwance a durowar mai gyara tana jiran sassa daga Legas.