Yada Zango a Addis Ababa: Awa Goma Sha Biyar a Tikiti, Tara a Gari

Duk wanda ya taɓa bin jirgin Habasha daga Kano ya san yadda ɗakin jira na filin jirgin Bole yake cika da mutanenmu. Wani ya shimfiɗa darduma a lungu, wani ya yi matashi da jakar hannu yana gyangyaɗi, wani kuma ya zagaya kantunan turare har masu kantin sun gane fuskarsa. Alhali gari yana nan a bakin ƙofa, domin Bole na cikin filayen jirgin da suka fi kusa da tsakiyar birninsu: idan hanya a sake take, tafiyar ba ta wuce ta minti ashirin ba. Sai mutum ya ce, me zai hana in fita in sha iska in dawo?

Ana iya fita. Amma awannin da ke rubuce a tikiti ba duka ne naka ba, kuma tun a gida ake fara lissafin.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, matafiyin da ke jiran wani jirgi bai shiga ƙasar ba tukuna, ko da kuwa ya kwana a filin jirginta. Yana wani tsakani ne da doka ta ware wa masu wucewa. Ranar da ya nufi teburin jami'an shige da fice, ya zama baƙo mai neman shiga, kuma za a nemi duk abin da ake nema wurin baƙo: fasfo mai sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, biza, da katin rigakafin cutar shawara ga wanda ya fito daga ƙasa irin Nijeriya.

Maganar biza ce ta fi yaudarar mutane, don ana yawan dogara da labarin wanda ya je bara. A 2018 Habasha ta sanar da cewa ’yan ƙasashen Tarayyar Afirka za su iya karɓar biza a filin jirgi. A 2022 aka cire Nijeriya daga jerin. Wanda ya je tsakanin shekarun nan biyu zai rantse maka cewa a can ake bugawa, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ta tsufa. Don haka a duba shafin bizar gwamnatin ƙasar, evisa.gov.et, a makon da za a yi tafiyar, a kuma yi hattara da shafukan ’yan kamasho masu kama da shi. Dokar tana bin fasfo ne, saboda haka abin da aka yarje wa ɗan Nijar ko ɗan Ghana ba lalle ya zama daidai da na ɗan Nijeriya ba, ko da a layi ɗaya suke zaune a Fagge.

Akwai wata hanya mai sauƙi. Kamfanin jirgin Habasha yana ba fasinjojinsa masu jiran awa 8 zuwa 24 masauki a otal, da abinci da motar kai su, idan babu wani jirgi mafi kusa da za su iya bi, kuma shi ke shirya musu izinin wucewa. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne abin lura. Wanda ya tsallake jirgi mai tashi da wuri da gangan, ya zaɓi na nesa don ya fi araha, yana iya zuwa tebur a ce masa ba ya ciki. Tun wajen sayen tikiti ake tambaya, a karɓi takardar otal kafin a hau jirgin farko idan zai yiwu.

Sai kaya. Idan tafiyar duka a tikiti ɗaya take, manyan akwatuna sukan wuce kai tsaye, ba ruwanka da su. Yadda za ka tabbatar shi ne ka dubi ’yar takardar da aka manna maka lokacin awon kaya. Idan harufan ƙarshe KAN ne, kayanka Kano suka nufa. Idan ADD ne, a Addis za a sauke su, kuma sai ka ɗauka da hannunka. Wanda ya haɗa tikiti biyu daga kamfanoni dabam-dabam don rage kuɗi, shi ne ya fi faɗawa wannan rami: ɗaukar akwati yana bayan teburin shige da fice, wato yana bukatar biza ko da bai yi niyyar leƙa gari ba.

Jakar hannu kuwa, a Addis na fi natsuwa da barinta a otal, a ɗaki ko wurin masu karɓar baƙi, a ba ni ’yar lamba. Wasu manyan filayen jirgi suna da ma'ajiyar kaya ta kuɗi. A Istanbul sunanta “emanet”, wato amana, kalmar da mu da Turkawa duk muka aro daga Larabci. Ko'ina ne dai, tambaya biyu ake yi kafin a miƙa jaka: ƙarfe nawa ake rufewa, kuma a wane ɓangare ma'ajiyar take, don kada ka wuce bincike sannan ka tuna jakarka tana waje. Fasfo, katin shiga jirgi na gaba, magani, waya da abin cajinta, waɗannan ba a ba da su amana.

’Yan kasuwa su ƙara da wannan. Wanda ke ɗauke da daloli masu yawa na sarin kaya, da zarar ya fita ya shiga ƙarƙashin dokar kuɗin waje ta Habasha, kuma tana da tsauri. Akwai adadin da in an wuce shi dole a bayyana wa kwastan a karɓi takarda, wadda za a nema wajen dawowa. A ganina, mai irin wannan kuɗi gara ya haƙura da yawon gari. Ganin kasuwa bai kai jarin mutum ba.

To, mu ɗauki misali. A ce ɗan kasuwa ya taso daga Guangzhou, ya sauka Bole da ƙarfe 6:30 na safe, jirginsa na gaba kuma 9:30 na dare. Awa 15 ke nan. Daga baya ake fara ƙirgawa. Ƙarfe 9:30 lokacin tashin jirgi ne, shiga kuwa ana farawa kusan awa guda kafin nan, ana kuma rufe ƙofa tun jirgin bai motsa ba. Daren Bole shi ne lokacin turmutsutsu, domin a lokacin ne jiragen Turai da Asiya suke tashi bi da bi, kuma akwai bincike tun a ƙofar shiga ginin, ga layin shige da fice, ga wani binciken a ciki. Saboda haka ya kasance a filin jirgi da 6:30 na yamma, awa uku kafin tashi. Hanyar da ta ci minti ashirin da safe tana iya cin awa guda a lokacin tashi daga aiki, balle a damina, tsakanin Yuni da Satumba, sa'ad da ruwan yamma ke tsayar da motoci. Ya baro gari da 5:00. Da safe kuma, sauka daga jirgi da layin biza da neman mota za su kai shi 8:00. Abin da ya rage masa awa tara ne, shida sun tafi a hidima.

Tara ta isa. Zai iya yin wanka a otal, ya sha gahawa a unguwar Piassa, ya leƙa gidan tarihi na ƙasa inda ake nuna kwafin ƙasusuwan nan da aka tono a 1974, waɗanda Turawa ke kira Lucy, Habashawa kuma Dinkinesh, sannan ya yi azahar a Masallacin Anwar da ke Merkato. Kasuwar Merkato ta fi ƙarfin a gama ta a yini, kuma ’yan sane a cikinta ba su da wasa. Ya riƙa tafiya a hankali, don birnin yana bisa tudu sama da mita 2,300, kusan ninkin tsayin Jos, baƙo kan ji haki a ’yar gajeriyar hawa. In zai yi tsaraba, gahawa tana shiga jakar hannu lafiya lau. Zuma kuwa ruwa ce a wurin masu bincike, duk kwalbar da ta wuce mililita 100 a kwandonsu za ta kwana.

Wannan lissafi shi ke nuna inda fita ba ta da riba. Filin jirgin Istanbul yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari. Mai jiran awa takwas a can, in ya cire awa ɗaya da rabi na fita, da uku na dawowa da wuri, da kusan uku na zuwa da komowa, rabin awa ya rage masa. Wannan ya zauna ya sha shayi.

Abin da ya kusa kayar da ni a Addis kuwa agogo ne. Duk lokacin da ke kan tikiti na garin da jirgi zai tashi ne, kuma Addis tana gaban Kano da awa biyu. Wanda agogonsa na hannu bai bar lokacin gida ba zai ga 7:30 yana murna, alhali jirginsa na 9:30 ya ɗaga. Wannan na san shi, na gyara nawa tun a sama. Wanda ban sani ba shi ne na Habashawa kansu. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awannin yini: ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya, tsakar rana ƙarfe shida, 5 na yamma ƙarfe goma sha ɗaya.

Muna tare da wani dattijo ɗan Kwari da muka haɗu a jirgi. Muka yi ciniki da mai tasi ya sauke mu kusa da masallaci, na ɗaga masa yatsu biyar, ya gyaɗa kai ya tafi. Biyar ta yi, biyar da kwata ta yi, babu shi. Na kira lambarsa, da guntun Turancinsa ya fahimtar da ni cewa ya zo tun ƙarfe biyar, ya jira ya gaji, yanzu yana can wani gefen gari. Biyar ɗinsa ita ce 11 na safe tawa.

Dattijon ya dube ni ya ce, “Malam, kai da ka yi boko, ashe agogon ma sai da tafinta?”

Na ce, “Wallahi Alhaji, yau na san haka.”

Muka tari wata tasi a bakin titi, muka biya kusan ninki. Abin da ya cece mu shi ne awa ɗaya da rabi da muka ware wa hanya. Da ba mu ware ba, da asarar ta wuce jirgi ɗaya, domin a ƙa'idar yawancin kamfanoni, wanda bai hau jirgi ba ana soke sauran zangunan tikitinsa, kuma tunda shi ya makara, sabon tikiti daga aljihunsa zai fito. Tun daga ranar, in zan yi alkawari da direba a Addis, fuskar wayata nake nuna masa, in rubuta 17:00, in ce masa na “ferenji”, wato agogon baƙi. Muka isa Bole ana kiran magariba, Alhaji yana rungume da ƙullin gahawa kilo biyu, yana ta yi mini tsiya har bakin layin bincike.