Allon Shago: Abin Da Ya Kamata Mai Wucewa Ya Gane Cikin Daƙiƙa Huɗu

KONTAGORA. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Makwa ta ratsa Kontagora zuwa Yawuri da Sakkwato, ko wadda ta nufi Tegina da Kaduna, zai ga allunan shaguna jere a bakin titi. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sunan mai shago da manyan baƙaƙe, sai dogon sunan kamfani na Turanci, da lambobin waya biyu ko uku. Abin da ake sayarwa a ciki kuwa, ko dai an rubuta shi ƙanana a can ƙasa, ko kuma ba a ambace shi ba sam.

Wannan tsari ba ya cutar da tsohon abokin ciniki, domin shi ya riga ya san ƙofa. Wanda ake asara shi ne baƙo, wato direban da ke kan hanya, ko manomin da ya shigo gari daga Rijau ko Mariga da kuɗinsa a aljihu. Tun a 1961 masanin tattalin arziki George Stigler ya yi bayanin cewa neman mai sayarwa shi kansa yana da tsada ga mai saye, domin yana cin lokaci da kuɗin mota. Saboda haka mai saye yakan tsaya a inda ya fara gane cewa akwai abin da yake nema. Aikin allo ke nan: ya rage masa wahalar nema.

Lokacin da allo yake da shi

Ana iya lissafa wannan lokaci. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar da hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta sanya a littafinta na alamomin hanya na 2009 ita ce, kowane inci ɗaya na tsayin baƙi yana karantuwa daga nisan ƙafa 30, wato santimita biyu da rabi ga kowace mita tara.

Alal misali, a ɗauki wani shagon kayan noma da ke bakin hanyar Yawuri, wanda aka rubuta allonsa da baƙaƙe masu tsayin santimita 10. Rubutun zai fara karantuwa daga mita 36. Idan aka cire kamar mita 10 na ƙarshe, inda allon ya riga ya koma gefen idon direba, saura mita 26, abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Wani nazari da Marc Brysbaert ya wallafa a 2019 ya nuna cewa baligi mai karatun Turanci a zuci yakan karanta kalmomi 238 a minti, kusan huɗu ke nan a daƙiƙa, kuma wannan ga wanda yake zaune cikin natsuwa ne. Direban da yake kaucewa 'yan acaɓa da ramuka ba zai samu haka ba. In sunan kamfanin ya kai kalmomi bakwai, lokaci zai ƙare bai kai ga kalmar taki ba. Daɗin daɗawa, motar da ke wannan gudu tana bukatar fiye da mita 20 kafin ta tsaya, don haka ko ya gane, ya riga ya wuce ƙofar.

Yadda za a sake tsara shi

Allon katako da aka saba saye yana da tsawon ƙafa takwas da faɗin ƙafa huɗu. Idan aka ninka tsayin baƙaƙen zuwa santimita 20, za su karantu daga mita 72, direba kuma ya sami sama da daƙiƙa huɗu. Sai dai baƙaƙe masu wannan girma, kimanin goma sha biyar ne kawai za su shiga layi guda. Ƙarancin wurin shi ne zai tilasta wa mai shago ya zaɓi abin da ya fi kawo masa ciniki.

A shagon da ake misali da shi, layin farko zai zama TAKI DA IRI, kalmomi uku kacal. Layi na biyu, da rabin wannan girma, zai ce maganin ciyawa da na ƙwari, sari da ɗai-ɗai. Wannan ya amsa tambaya ta biyu, wato ko shagon na ɗan kasuwa mai sari ne ko na manomi mai neman buhu guda. Layi na uku shi ne na sunan kamfani da lambar waya ɗaya, domin waɗannan sai wanda ya riga ya tsaya yake bukatarsu.

Ba a ce a cire suna ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani mai rajista ya rubuta sunansa da lambar rajistarsa a wajen duk inda yake harka, a wurin da za a gani, da rubutu mai karantuwa. Amma dokar ba ta ce sunan ne zai fi kome girma ba.

Har ila yau, Kontagora gari ne da Hausawa da Kambari da Dukawa da Fulani suke cin kasuwa tare, kuma ba kowa ne yake karanta boko ba. Zanen buhun taki guda da injin feshi na goyo a gefen allon zai isar da saƙo ga wanda rubutu bai isar masa ba. Hoto ɗaya ko biyu sun wadatar, domin zanen kaya goma a wuri guda yakan zama tarkace daga nesa. Baƙin fenti a kan fari ko rawaya ya fi jure ƙurar hunturu da jar ƙasa bisa ja a kan shuɗi. Kazalika, allon da aka manna a jikin bango sai wanda ya zo daidai ƙofa yake ganinsa, alhali wanda aka kafa yana fuskantar masu tahowa, da rubutu gaba da baya, yana yi wa ɓangarorin hanya biyu aiki.

Game da farashi, bai kamata a sa shi da fenti ba, tun da kuɗin taki yana sauyawa tsakanin farkon damina da tsakiyarta. Ƙaramin allon alli a bakin ƙofa ya ishe shi. In kaka ta yi, a nan ne za a rubuta cewa akwai buhunan zuba hatsi da maganin ajiya.

Yadda za a gane ko ya yi aiki

Kafin a biya mai fenti, sai a rubuta tsarin a kwali da girmansa na gaskiya. A nemi mutum biyar waɗanda ba su san shagon ba, a tsayar da kowannensu shi kaɗai a nisan taki saba'in zuwa tamanin, a nuna masa kwalin na daƙiƙa huɗu, a kife. Daga nan a tambaye shi me ake sayarwa a nan, kuma sari ne ko ɗai-ɗai. Idan biyu daga cikin biyar sun kasa, ko kuma sunan mai shago kaɗai suka riƙe, sai a rage kalmomi a ƙara girma. 'Yan'uwa da yaran shago ba sa cikin wannan gwaji, domin sun san amsar tun kafin su duba.

Bayan an kafa allon, yaron shago zai iya ja layi a littafi duk lokacin da wani ya shigo yana tambayar abin da ba a sayarwa, ko yana tambayar me ake sayarwa. Raguwar waɗannan layuka ita ce shaida mafi sauƙi. Yawan ciniki shi kaɗai ba ma'auni ba ne, domin cinikin taki yakan tashi da saukar ruwan farko ko da allo ko babu. Sai an kwatanta mako da irinsa na bara kafin a yanke hukunci.

Daga ƙarshe, allo yana da iyakarsa. Yana tsayar da baƙo sau ɗaya ne kawai. Idan ya ce akwai iri, mutum ya tsaya ya tarar babu, to wannan layi ya zama abin da zai hana shi tsayawa gobe, don haka duk kayan da aka daina kawowa a shafe sunansa nan da nan.