Barawon da ke bi ta hanyar tambayar adireshi

Duk lokacin da kwamfuta za ta buɗe shafi, sai ta tambayi DNS adireshinsa. Da wuya a toshe wannan tambaya, shi ya sa ɓarayin bayanai suke fakewa da ita.

Ɓarawon yakan yi rajistar sunan yanki, ya kafa sabar da ke amsa tambayoyinsa. Muguwar manhajar da ya dasa a kwamfutar ofis sai ta yanyanka fayil, ta mayar da kowane yanki haruffa barkatai, ta liƙa su gaban sunan:

```
nbswy3dpeb3w64tmmq.example.com
```

Tambayar na isa sabarsa, bayanin ya fita.

Mai bincike yakan fara da tsawo. Kowane gaɓa na suna ba ya wuce haruffa 63, kuma ɓarawo yakan cika shi saboda sauri. Amma abin da ya fi tona asiri, a ganina, shi ne rashin maimaici: dubban sunaye ƙarƙashin yanki guda, daga kwamfuta guda, babu wanda aka tambaya sau biyu. Wasu manhajojin riga-kafi ma suna aika irin waɗannan tambayoyi, don haka a duba mai yankin da ranar rajistarsa kafin a cire kwamfutar daga layi.