Dodon koɗi a kwalba: yadda ɗalibin lauya ke taƙaita shari'a a shafi guda

Ɗalibin koyon aikin lauya a Ghana ko Najeriya da wuya ya gama makaranta bai haɗu da shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932 ba. Doguwa ce, amma malami a shafi guda yake son ta: abin da ya faru, batun da ake jayayya a kai, ƙa'ida, dalilan alƙalai, sai hukunci.

A Agustan 1928, a garin Paisley na Scotland, an saya wa May Donoghue lemon citta a wani shago. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta. Ta sha, da aka juye ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, in ji ta. Ta yi rashin lafiya, ta maka mai kamfanin, David Stevenson, a kotu.

A nan ɗalibai ke tuntuɓe, su cika takarda da sunan shago da ranar da aka sha. Ka auna kowane bayani: in an cire shi, hukuncin zai canza? Biyu ne ba sa ciruwa. Ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka babu yarjejeniyar ciniki tsakaninta da kowa. Sannan kwalbar a rufe take kuma ba a ganin ciki, babu mai iya dubawa tun daga kamfani har bakin mai sha.

Batun kuwa tambaya ɗaya ce mai amsar e ko a'a: shin mai sarrafa kaya yana da nauyin kiyaye lafiyar wanda zai yi amfani da su, alhali babu ciniki tsakaninsu? In ka rubuta "akwai dodon koɗin ko babu?" to ka kauce hanya. Kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta ƙaddara cewa zancen matar gaskiya ne, don ta warware tambayar doka kawai.

Ƙa'idar da ta fito ita ce, akwai wannan nauyi muddin kayan za su isa ga mai amfani yadda suka bar kamfani, babu damar bincike a tsakani. Dalilin mai shari'a Atkin shi ne, dole mutum ya guji sakacin da hankali zai hango cewa zai cuci maƙwabcinsa, wato duk wanda aikinsa ke shafa kai tsaye. Kada ka cakuɗa su: ƙa'idar a kan masu sarrafa kaya take, zancen maƙwabci kuwa ya fi ta faɗi nesa.

Alƙalai 3 suka goyi bayanta, 2 suka saɓa, wato Buckmaster da Tomlin. Ba su layi ɗaya, don malamai na tambaya. Kuma kada ka rubuta "an ba ta diyya". Hukuncin dai ƙararta tana da tushe, a koma a saurari shaidu. Stevenson ya rasu kafin a zauna, aka sasanta a wajen kotu.