Gajiyar 'yar tsere da hutu ba ya kawarwa

'Yar tseren dogon zango tana asarar sinadarin ƙarfe ta jinin al'ada, ta gumi, da fashewar jajayen ƙwayoyin jini in ƙafa na dukan ƙasa. Gudun da ta saba yi cikin sauƙi sai ya koma sa ta haki, zuciya na bugawa da sauri, ƙafafu sun yi nauyi. Wata har kwaɗayin tauna ƙanƙara take yi.

In ta huta mako 2 zuwa 3 abin bai sake ba, musamman mai zubar jini da yawa, ta nemi gwaji. Awon hemogulobin kaɗai bai isa ba, domin yana iya kaiwa 12 alhali ajiyar ƙarfen ta kusa ƙarewa. Ta ce a haɗa da feritin, wanda ƙasa da 15 rashi ne tabbas. Kada a ɗebi jinin bayan tsere ko lokacin zazzaɓi, saboda kumburi yana ɗaga feritin ya ɓoye matsalar.