Idan Allura Ta Juya wa Majiyyaci: Me Ake Rubutawa a Rahoto?

A ce an yi wa wani magidanci ɗan shekara 42 allurar penisilin a asibiti, kafin ya kai bakin ƙofa jikinsa ya rikice. Ma'aikata suka rufu a kansa, Allah ya sa ya farfaɗo. Sauran aiki guda, wato rubuta rahoton abin da ya faru, kuma a nan ne hannu ya fi zamewa.

Sau da yawa abin da ake gani a takarda bai wuce wannan ba: "Allura ba ta karɓe shi ba, ya suma. Nas ta yi sakaci ba ta tambaye shi ba, wataƙila ma maganin jabu ne." Kusan duk abin da ke cikin wannan rubutu hukunci ne da zato, kuma likitan da zai karanta shi gobe ba zai tsinci abin da zai yi aiki da shi ba.

Ga yadda ya kamata a rubuta: "Ƙarfe 10:05 na safe an yi masa allurar penisilin nau'in benzatin, yunit miliyan 1.2, a tsokar ɗuwawun dama. Ƙarfe 10:12 ya ce: 'Maƙogwarona yana shaƙewa.' An ga jajayen tabo masu tudu da ƙaiƙayi a ƙirji da hannuwa, leɓɓansa sun kumbura, numfashinsa yana fito. Bugun zuciya 124 a minti, awon jini 80/50. Ƙarfe 10:14 an kwantar da shi, an yi masa allurar adirenalin miligiram 0.5 a tsokar cinya, an sa masa iskar oksijin da ƙarin ruwa. Ƙarfe 10:30 awon jini 110/70, numfashi ya daidaita. An ba shi gado domin sa ido."

Dalilin wannan ƙididdiga shi ne, abubuwa biyu mabambanta suna iya kayar da mutum bayan allura. Akwai suman tsoro ko na zafin allura: jiki ya yi sanyi da gumi, bugun zuciya ya ragu, da an kwantar da mutum kuma ya dawo hayyacinsa. Akwai kuma borin jini mai tsanani, wanda ke zuwa da saurin bugun zuciya, da kumburi, da toshewar numfashi, yana kuma iya kisa cikin mintuna. Kalmar "ya suma" ta haɗe su duka biyu. Idan an ɗauki suman tsoro a matsayin borin jini, an raba mutum da penisilin har tsawon rayuwarsa a banza. Idan kuma aka yi akasin haka, wata rana za a sake yi masa allurar da za ta iya ajalinsa. Lokaci da awo da abin da ido ya gani ne kawai ke raba gardamar.

Batun laifi ya fi wuya, domin barin zargi ba ya nufin rufa-rufa. Idan ba a cike gurbin tarihin borin jini a katinsa ba, a rubuta hakan: "Gurbin babu rubutu." Idan likita ya rubuta adadi kaza, aka ba da wani daban, a rubuta duka biyun. Amma "sakaci" da "ganganci" kalmomin masu bincike ne bayan sun ji ta bakin kowa. A ganina wannan ne ginshiƙin al'amarin, domin ma'aikaciyar da ta san rahoto zai zama igiyar ɗaure ta, gobe shiru za ta yi, majinyata kuma su ne za su kwana a ciki.

Zargin jabu ma haka. A kwafi sunan kamfani da lambar rukunin maganin da ranar lalacewarsa daga jikin kwalba, a adana kwalbar. A lissafa duk abin da majiyyaci ya sha a kwanakin, har da jiƙo da maganin kemis, ba tare da an ɗora masa laifi ba. Abin da ba a sani ba, a rubuta "ba a sani ba".

Bayan rahoton cikin gida, a Nijeriya ana cike takardar nan mai ruwan ɗorawa ta hukumar NAFDAC, wadda cibiyarta ta sa ido kan illar magunguna ke karɓa. Tun 2004 ƙasar ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke tattara irin waɗannan rahotanni a birnin Uppsala na Suwidin. Takardar tana neman abu huɗu aƙalla: majiyyaci, maganin da ake tuhuma, abin da ya faru, da mai ba da rahoto. Ba a jiran sai an tabbatar cewa maganin ne sila, tuhuma ta isa a aika.

Mai karatu, idan irin wannan ta sami ɗan'uwanka, ka riƙe lokacin da abin ya fara, ka ajiye kwalin maganin, ka faɗa wa ma'aikata duk abin da ya sha, kada ka ɓoye komai.