Wasiƙar Ƙorafi Cikin Minti 20: Ba Zagi, Ba Roƙo

Duk wanda ya zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, rukunin General Training da masu neman ƙaura zuwa Kanada ko Ostareliya suke yi, abin da zai fara cin karo da shi a takardar rubutu wasiƙa ce. Awa guda ake ba wa takardar gaba ɗaya. Ana so a kashe wa wasiƙar kimanin minti 20, a rubuta kalmomi aƙalla 150, ragowar minti 40 kuma a bar wa maƙalar da ke biye, wadda makinta ya ninka na wasiƙar. Saboda gajartar wasiƙar mutane kan raina ta, alhali a nan ne mai Turanci tsaf yake zubar da maki, ba don nahawunsa ya karye ba, sai don bai san muryar da zai yi magana da ita ba.

Tambayar kan zo da fasali ɗaya. Za a ba ka ɗan labari, a faɗa maka wanda za ka rubuta wa, a jera abubuwa uku da dole wasiƙar ta ƙunsa, sannan a nuna maka yadda za ka buɗe ta. Mu ɗauki irin wannan: ka sayi firji a wani kanti, ya daina aiki bayan ɗan lokaci, ka sanar da su ba su yi komai ba. Ka rubuta wa manajan, ka bayyana matsalar, ka faɗi yadda ta shafe ka, ka faɗi abin da kake so a yi. A ƙasa an rubuta cewa ka fara da “Dear Sir or Madam,”.

Wannan ɗan layin na ƙarshe ya riga ya yanke hukuncin muryar wasiƙar. Mutumin da ba ka san ko sunansa ba, babu sabo tsakaninku, don haka wasiƙar ta aiki ce zalla daga farko har ƙarshe, kuma a al'adar Turancin Ingila da “Yours faithfully,” ake rufe ta. Da an ba ka sunansa, sai ka buɗe da “Dear Mr Bello,” ka rufe da “Yours sincerely,”. A lura, sunan mahaifi ko na dangi kaɗai ke bin “Mr”, ba a jera cikakken suna, ba a kuma sa sunan yanka. Buɗewa da rufewa tare suke tafiya, in ka haɗa na wannan da na wancan mai duba takarda zai gani tun kafin ya karanta abin da ke tsakiya.

Wanda ya yi karatun sakandare a Nijeriya ko Gana yana zuwa da kayan WAEC a ka: adireshinsa a sama, kwanan wata, adireshin wanda ake rubuta wa, kanun wasiƙa, ga kalmomi wajen 450. A can kowanne yana da muhimmanci, in ka bari ka yi asara. A IELTS kuwa takardar da kanta tana cewa ba sai ka rubuta adireshi ba. Minti biyun da ka ɓata kana ƙirƙiro sunan titi da lambar gida, da sun ishe ka sake karanta abin da ka rubuta.

Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne jimlar farko. Mu Hausawa ba ma faɗa wa magana haka kawai. Sai an yi sallama, an tambayi gajiya da iyali da aiki, sannan a hankali a gangaro kan abin da ya kawo mutum. Wanda ya shigo ya ce “na zo ne kan maganar firji” ba tare da gaisuwa ba, sai a ce ba shi da tarbiyya. Wannan ɗabi'ar ce take biyo mu cikin Turanci, sai ka ga ɗalibi ya buɗe wasiƙar ƙorafi da tambayar lafiyar manaja da ta iyalansa, har da godiya ga Allah in suna lafiya. A wurin mai duba takardar, wannan muryar wasiƙar aboki ce aka sa a inda ba muhallinta ba. Ladabi a wasiƙar aiki ta Turanci shi ne kada ka ɓata wa mai karatu lokaci: jimlar farko ta faɗa masa dalilin rubutun. Ga firjinmu, ga yadda za ta kasance:

“I am writing to complain about a refrigerator that I bought from your shop on 3 March and which stopped working two weeks later.”

Jimla ɗaya ta ɗauki abin da aka saya, inda aka saya, ranar, da abin da ya faru. Ranar 3 ga Maris ba ta cikin tambayar, kai ne ka ƙirƙiro ta, kuma haka ake so. Babu wanda zai binciki gaskiyar labarinka, abin da ake dubawa shi ne ko wasiƙar ta yi kama da wadda manajan gaske zai iya ɗauka ya yi aiki da ita. Kada kuma ka kwafe jimlolin tambayar kamar yadda suke, domin abin da aka kwafa ba a lissafa shi a matsayin naka.

Daga nan kowane ɗaya daga abubuwa ukun nan ya samu nasa sakin layi. A na farko, labarin matsalar a jere: da farko firjin ya fara ƙara da daddare, ranar 17 ga wata ya daina sanyi gaba ɗaya, ka kira kantin sau biyu, an yi maka alkawarin turo mai gyara, har yau shiru. Ga su nan abubuwa ne da za a iya tabbatarwa da rasit da kwanan wata. Ƙarfin ƙorafi ke nan.

Sakin layi na biyu ne fagen da zuciya take ɗebe mutane. An ce ka faɗi yadda abin ya shafe ka, sai wani ya ga dama ta samu, ya kira ma'aikatan kantin mayaudara, ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya jera alamar motsin rai uku. Wani kuma ya faɗa ɗaya ramin: ya shiga ba da haƙuri don ya dami manaja, yana roƙon a dube shi da idon rahama, kamar mai neman bashi wurin surukinsa. Wannan na biyun ya fi yawa a wajenmu, kuma a ganina ya fi wuyar magani, don mai yin sa yana jin ladabi yake yi. Daga nan ne irin su “I humbly beg” suke fitowa. Amma wanda ya biya kuɗinsa aka ba shi kaya mara kyau haƙƙinsa yake nema, ba alfarma ba. Abin da ake so shi ne a faɗi asarar a sarari, a bar ta ta yi magana da kanta: naman da ka saya na mako guda ya lalace ka zubar, kullum sai ka je kasuwa bayan ka tashi daga aiki. In kana son nuna ɓacin rai, jimla ɗaya ta wadatar:

“I am very disappointed that nobody has contacted me.”

Ka faɗi cewa ranka ya ɓaci, ka faɗi dalili, ba ka taɓa mutuncin kowa ba.

Na ukun shi ne buƙata, kuma shi ne ya fi shan wahala, domin a lokacin agogo ya ci. Da yawa sukan ƙare da cewa a taimaka a duba lamarin. Duba me? Manajan da ya karanta haka bai san abin da zai yi maka ba. Ka zaɓi abu guda, ko canji ko mayar da kuɗi, ka sa masa wa'adi:

“I would like you to replace the refrigerator or give me a full refund within seven days.”

Wannan “I would like” ita ce tsaka-tsaki. “You must” umarni ne, ya yi tsauri ga wanda ba yaronka ba. Za ka iya ƙarawa da cewa ka haɗo kwafin rasit da takardar garanti, ka ce kana jiran amsa, sai rufewa, sai cikakken suna a ƙasa. Barazanar kai ƙara kotu a wasiƙar farko ba ta ƙara maki, kuma sau da yawa ita ke karya muryar da aka gina tun daga sama.

Me ya sa ake ta nanata murya? Saboda tana cikin ma'aunin maki a rubuce. Abubuwa huɗu ake aunawa, kowanne da nauyi daidai: cika aikin da aka sa ka, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, da nahawu. Murya tana ƙarƙashin na farko. Jadawalin da masu jarrabawar suka wallafa ya nuna cewa a mataki na 7 manufar wasiƙa a fili take, muryarta kuma ɗaya ce kuma ta dace, a mataki na 6 ana iya samun ɗan sauye-sauye, a na 5 kuwa muryar tana hawa tana sauka, wani lokaci ma ba ta dace ba. Wanda ya tsallake ɗaya daga abubuwa ukun nan gaba ɗaya, makinsa a wannan ma'aunin yakan faɗi ƙasa da 5. Ga mai neman shiga Kanada ta shirin ƙwararrun ma'aikata na tarayya, inda mafi ƙarancin abin da ake karɓa a rubutu shi ne 6.0, rabin maki ba abin wasa ba ne.

Sauyin murya yakan ɓuya a ƙananan abubuwa, kuma a nan ya kamata minti biyun ƙarshe su tafi. Ka nemi gajerce-gajercen kalmomi irin “don't” da “I'm” ka warware su. Ka nemi kalmomin hira irin “guys” da “a lot of stress”. Ka kuma yi hattara da kishiyarsu, wato tsofaffin jimlolin ofis da aka haddace, irin “sequel to the above” da “do the needful”, waɗanda suke yi wa kunnenmu daɗi amma mai duba takarda yana jin su a matsayin haddar da aka liƙa. Hanya mai sauƙi ta gwaji: ka karanta jimlar farko, ka tsallaka ka karanta ta ƙarshe, sannan ka ɗauki ɗaya daga tsakiya. In ba su yi kama da maganar mutum ɗaya ga mutum ɗaya ba, ta tsakiyar ce galibi take buƙatar gyara.

Mai yin jarrabawar a kwamfuta zai ga adadin kalmominsa a allo yana ƙaruwa, amma babu abin da zai gyara masa kuskuren rubutu. Kalmomi 170 zuwa 190 sun isa wannan wasiƙar ta firji. Wanda kuma ya zaɓi CELPIP, jarrabawar Kanada, imel za a ce ya rubuta cikin minti 27, kalmomi 150 zuwa 200, kuma jimlar farkon nan ta ranar 3 ga Maris za ta shiga can ba tare da an canza mata ko harafi ba.